Ba Ƙasa Muke Gudu Ba, Ruwa Muke Gudu

Daminar bara, bangon gabas na ɗakin mahaifiyata ya zube da tsakar dare. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni. Da na je jaje na iske yayana ya riga ya sauke bulon siminti a ƙofar gida. Na fara yi masa bayanin sanyin ginin ƙasa da darajar gadon kakanni, sai ya katse ni: "Malam, kai kana gidan jami'a. Wa zai zo ya yi mana yaɓe duk shekara, kai ko ɗalibanka?" Ban sami amsa ba a ranar. Wannan rubutu ita ce amsar da nake binsa.

Mu masu boko mun saba ɗora wa jama'a laifin son a sani idan suka rushe gidan ƙasa. Amma hujjar yayana mai ƙarfi ce. Ginin tubali ba ya rayuwa sai da kulawa: a gyara soro kafin saukar ruwa, a share indararo, a sake yaɓe, a shafa makuba. A da akwai samari a gida, akwai gayya, akwai kududdufi a bayan gari inda ake ɗibar ƙasa kyauta. Yau samarin suna makaranta ko ci-rani, kududdufin an cike shi an yanka filaye, ƙasar kuma sai an saya a tifa. Ga shi an ɗaga tituna sun fi tsofaffin gidaje tudu, ruwa yana kwanciya a gindin bango yana cin sa daga ƙasa. Abin da ya kayar da ɗakinmu ke nan. Wasu sukan yi wa bangon ƙasa filasta da siminti, amma siminti ba ya kama ƙasa sosai. Sai ya tsage, ruwa ya shige bayansa ya kasa fita, wata rana ya ɓanɓaro da guntun bango.

Akwai kuma dalilin aljihu da na mutunci. Bulo asusun talaka ne: ya sayi ɗari yau ya jibge, ruwan shekara uku ya dake shi bai narke ba. Kuma dangin amarya da mai neman haya duk sun fi ganin girman gidan bulo.

To, akwai hanya ta uku, wato bulon ƙasa matsattse. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a gauraya ta da ɗan siminti, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, a matse a injin hannu. Matsewar tana toshe kafofin da ruwa ke bi, simintin kuma yana ɗaure ƙwayoyin ƙasar don kada su kumbura su warwatse idan sun jiƙe. Ba a gasa shi, ba a ƙona itace ko ɗaya.

Na zauna da yayana muka yi lissafin ɗaki mai ƙafa 12 kowace kusurwa. Idan aka cire ƙofa da taga, bangonsa ya kai kimanin murabba'in mita 40. Bulon ƙasa da aka fi bugawa yana da tsawon santimita 29.5, faɗin 14, kaurin 9, nauyinsa wajen kilo bakwai da rabi. Ana bukatar kusan 31 a kowane murabba'in mita, wato kimanin 1,250 a ɗakin. Idan siminti kashi 6 ne cikin ɗari, kowane bulo zai ci ɗan ƙasa da rabin kilo, buhu mai kilo 50 zai fitar da wajen 110. Ke nan buhu 11 ko 12. Bulon siminti mai inci shida kuwa guda 400 ya isa ɗakin, kuma idan an buga shi tsakani da Allah, 40 a buhu, buhu 10 ne.

Mai karatu zai ga abin da yayana ya gani nan take: a wajen bugun bulo babu wani rangwamen siminti. Masu tallar da ke cewa kuɗin gini zai ragu da rabi suna ɓata wa abin suna ne. Sauƙin yana wani wuri dabam. Ba ka sayen yashin rafi idan ƙasar filinka ta dace. Bulon yana fitowa sumul da kusurwa tsaf, don haka ba lallai a yi masa filasta ba, alhali filastar ciki da waje ta ɗaki irin wannan tana cin buhu takwas ko fiye, ban da ladan magini da fenti. Kuma babu yaɓen shekara-shekara. Ta fuskar zafi, bulon ƙasa curarre ne, yana jinkirta shigar zafin rana fiye da bulo mai rami. Sai dai bango mai kaurin santimita 14 ba zai kamo sanyin tsohon soro mai kaurin kamu guda ba, kuma idan aka rufa kwano babu silin, zafi zai sauko ta sama ko da me aka yi bangon.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen aiki. Da farko ƙasar: a kwashe ta sama mai baƙi da saiwoyi, a haƙo ta ƙasa. A zuba ta sulusin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a bar ta ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashi da tsakuwa su haura rabi, laka kada ta wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar. Baƙar ƙasar fadama mai darewa da rani ba ta yi da siminti. Sai ruwa: a dunƙula curi a sake shi daga tsayin ƙugu. Idan ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi daidai. Idan ya baje kamar gari ruwa ya yi kaɗan. Idan ya lafe bai fashe ba ya yi yawa. Sannan haƙuri: sabon bulo ba a shanya shi a rana kamar tubali. Lulluɓe shi ake yi da leda ana yayyafa masa ruwa, kuma ba a ɗora shi a gini sai ya yi kwana 28. Wanda ya shanya shi cikin hunturu ya yi asarar simintinsa. Kafin ka biya mai bugawa, jefa bulo ɗaya a bokitin ruwa ya kwana ya yini. Idan gefensa ya marmashe a hannunka, kama gabanka.

Ko bulon ya yi kyau, yana son takalmi da hula: harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufi mai baki da zai kare bango daga feshin ruwa.

Saura batun mutunci, kuma wannan lissafi ba ya warware shi, sai ido ya gani. A garin Dandaji na Jamhuriyar Nijar an kammala babban masallaci da irin wannan bulo a 2018, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, aka mai da tsohon masallacin ƙasar ɗakin karatu. Wanda ya yi sallah a ciki da wuya ya sake kiran ƙasa kayan talauci. Da ƙananan hukumominmu za su gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da shi, magina su koya a bakin aiki, a sami inda mutum zai sayi ɗari ya jibge kamar yadda yake sayen bulo, da sauran bayani ya zama da sauƙi.

Ɗakin Inna dai da bulon siminti aka tayar da shi, domin an riga an saya, damina kuma ba ta jira. Amma yayana ya yarda a gwada bulon ƙasa a ɗakin baƙi, da sharaɗin ni zan nemo injin. Guda ɗaya da na kawo masa na gwaji ya kwana uku a bokiti, ya ciro shi ya ƙwanƙwasa da maɓalli, ya ce, "To, Malam, yanzu ka fara magana."