Matakan RAID: Wurin Ajiya, Jure Lalacewa da Harajin Ƙaramin Rubutu

RAID tsari ne na haɗa faya-fayen ajiya da yawa su yi aiki tare, ta yadda kwamfuta za ta gan su kamar faifai guda. Sunan ya fito ne daga wata takardar bincike da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a 1988 a Jami'ar California da ke Berkeley. Tsarin yana da matakai, kowanne da lambarsa, kuma waɗanda aka fi aiki da su a yau su ne 0 da 1 da 5 da 6 da 10. Girman lamba ba ya nuna fifiko, domin kowane mataki wata hanya ce dabam ta shimfiɗa bayanai a kan faya-fayen.

Abubuwa uku ne ke bambanta su. Na farko, nawa ne zai rage na wurin ajiya bayan an cire abin da tsarin ya ci. Na biyu, faifai nawa za su iya mutuwa ba tare da bayanai sun salwanta ba. Na uku, aiki nawa faya-fayen ke yi duk lokacin da aka rubuta ɗan ƙaramin bayani. Domin bambancin ya fito sarai, za a bi misali guda har ƙarshe: faya-faye 8 masu juyawa, kowanne terabayit 4, wato terabayit 32 gaba ɗaya. A ɗauka kuma kowane faifai yana iya ayyuka 100 a daƙiƙa, na karatu ko na rubutu a wurare barkatai. Ke nan takwas ɗin suna da ƙarfin ayyuka 800 a daƙiƙa.

RAID 0 shi ne mafi sauƙin ganewa. Ana yanka bayanai gutsure-gutsure, a ce kilobayit 64 kowanne, a rarraba su bi da bi a kan faya-fayen. Ba a ajiye kwafin komai, don haka terabayit 32 ɗin duka suna hannun mai amfani, kuma rubutu ɗaya aiki ɗaya ne. Sai dai da zarar faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi, saboda kusan kowane babban fayil yana da gutsure a kansa. Wannan mataki bai dace da komai ba sai bayanan wucin gadi da za a iya sake samar da su.

RAID 1 kuwa kwafi yake yi. Duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, ana rubuta shi a abokinsa. Idan faya-fayen suna da yawa, akan haɗa su biyu-biyu, sannan a rarraba bayanai a kan waɗannan tagwaye kamar yadda RAID 0 ke yi, kuma wannan shi ake kira RAID 10. A misalin nan za a samu tagwaye huɗu, wurin ajiya ya koma rabi, terabayit 16. Tabbacin da yake bayarwa na mutuwar faifai ɗaya ne kawai. Zai iya jure mutuwar har guda huɗu idan kowanne daga tagwaye dabam yake, amma idan biyu suka mutu a tagwaye ɗaya, an yi asara. Bayan mutuwar na farko, guda ɗaya ne cikin bakwai da suka rage mutuwarsa za ta rusa tsarin, wato abokin wanda ya mutu.

RAID 5 ya zo da wata dabara don kada a yi asarar rabin wuri. Maimakon kwafi, yana ajiye wani lissafi da ake kira fariti. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya rubuta cinikin kwana uku, 5 da 3 da 8, ya rubuta jimla 16 a ƙasa. Ko ruwa ya goge lambar tsakiya, zai cire 5 da 8 daga 16 ya gano cewa 3 ce. A kwamfuta ana yin wannan da lissafin XOR, amma ma'anar ɗaya ce. A kowane jeri na gutsure takwas, bakwai bayanai ne, ɗaya fariti, kuma wurin faritin yana zagayawa daga faifai zuwa faifai don kada nauyinsa ya taru a kan guda. Abin da ake rasawa girman faifai ɗaya ne, saboda haka terabayit 28 suka rage. Tsarin yana jure mutuwar faifai ɗaya, ko wanne ne, amma ba biyu ba, kamar dai yadda jimla ɗaya ba ta iya dawo da lambobi biyu da suka goge.

RAID 6 ya ƙara fariti na biyu, wanda ake lissafa shi ta wata hanya dabam da ta farko. Da lissafi biyu masu zaman kansu ana iya dawo da gutsure biyu da suka ɓace a jeri ɗaya. Yana cin girman faifai biyu, ya bar terabayit 24, kuma yana jure mutuwar kowane faya-faye biyu.

Idan aka tsaya a nan, RAID 5 da 6 sun fi RAID 10 riba. Inda lissafin ke juyawa shi ne wajen ƙaramin rubutu, wato canza ɗan bayanin da bai cika jeri ba, kamar kilobayit 4 ko 8 da rumbun bayanai na banki ko asibiti ke rubutawa duk lokacin da aka sabunta rajistar mutum ɗaya. A RAID 10 abin ba wuya: a rubuta a faifai, a rubuta a abokinsa, ayyuka biyu. A RAID 5 kuwa, canza bayani yana tilasta gyara faritin jerin, kuma ba a iya gyara shi sai an san abin da ke wurin a da. Ƙa'idar ita ce sabon fariti P' yana fitowa daga tsohon fariti P da tsohon bayani D da sabon bayani D':

```
P' = P XOR D XOR D'
```

Don haka dole a karanta tsohon bayani, a karanta tsohon fariti, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon fariti. Ayyuka huɗu ke nan a kan rubutu ɗaya. RAID 6 yana da fariti biyu, don haka karatu uku ne da rubutu uku, ayyuka shida. Wannan ƙarin aiki shi ne harajin ƙaramin rubutu: 1 a RAID 0, 2 a RAID 10, 4 a RAID 5, 6 a RAID 6.

Idan aka raba ayyuka 800 da wannan haraji, RAID 10 zai karɓi ƙananan rubutu 400 a daƙiƙa, RAID 5 ya karɓi 200, RAID 6 kuma kimanin 133. Amma aikin yau da kullum gauraye yake. A ɗauka cikin kowace buƙata 100, guda 70 karatu ne, 30 rubutu. Karatu ba ya biyan haraji, don haka a RAID 10 buƙatu 100 za su ci ayyuka 70 da 60, wato 130. A RAID 5 za su ci 70 da 120, wato 190. A RAID 6 kuma 70 da 180, wato 250. Da ƙarfin 800, na farko zai amsa buƙatu kimanin 615 a daƙiƙa, na biyu kimanin 420, na uku 320. Faya-faye iri ɗaya, kuɗi ɗaya, amma RAID 6 yana yin kusan rabin aikin RAID 10.

Harajin yana da iyaka, domin ƙananan rubutu barkatai kawai yake kamawa. Idan rubutun ya cika jeri, babu buƙatar karanta komai. A RAID 5 na misalin nan jeri yana ɗaukar gutsure bakwai na kilobayit 64, wato kilobayit 448. Idan aka kawo su gaba ɗaya, sai a lissafa fariti daga sabbin bayanan, a rubuta gutsure takwas lokaci guda. Shi ya sa ma'ajiyar bidiyo ko ta kwafin ajiya, inda ake zuba manyan fayiloli a jere, take tafiya lafiya a kan RAID 5 da 6. Na'urar da ke sarrafa faya-fayen ma takan rage harajin idan tana da ƙwaƙwalwar riƙo, inda take tara rubutu ta haɗa maƙwabta su cika jeri. Wannan ƙwaƙwalwa tana buƙatar batir ko wata kariya, domin idan wuta ta ɗauke bayan an rubuta bayani amma ba a rubuta faritinsa ba, jerin zai zauna da fariti marar daidai. Sau da yawa ba a gane hakan sai ranar da faifai ya mutu, aka dogara da faritin ya ba da amsar da ba ita ba.

Jure lalacewa ma ba ya ƙarewa a adadin faya-faye, domin lokacin haɗari na gaske shi ne lokacin sake gini bayan an sa sabon faifai. Cika terabayit 4 da saurin megabayit 100 a daƙiƙa yana ɗaukar kimanin awa 11, kuma ya fi haka idan ana ci gaba da aiki a kan tsarin. RAID 10 abokin mamacin kawai yake karantawa, terabayit 4. RAID 5 sai ya karanta duka bakwai ɗin daga farko har ƙarshe, terabayit 28, alhali ba shi da sauran kariya. Kamfanoni sukan rubuta wa faya-fayen gama-gari iyakar kuskuren karatu ɗaya cikin bit 10^14, wato kimanin terabayit 12.5. Wannan adadi iyaka ce, kuma faya-faye da yawa sun fi haka kyau a aikace, amma yana nuna cewa cin karo da gurbin da ya ƙi karantuwa cikin terabayit 28 abu ne mai yiwuwa. A RAID 5 wannan gurbi ya salwanta, wani lokaci ma sake ginin ya tsaya. A RAID 6 fariti na biyu zai gyara shi, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake fifita shi idan faya-fayen manya ne.

Tsarin da faifansa ɗaya ya mutu yana ci gaba da aiki, don haka akan daɗe ba a lura ba. Alamarsa a RAID 5 da 6 ita ce jinkiri, saboda duk gutsuren da ke kan mataccen faifai sai an karanta sauran jerin kafin a lissafo shi. A Linux ana dubawa da wannan umarni:

```
cat /proc/mdstat
```

Idan aka ga `[UUUUUUUU]`, duka takwas suna lafiya. Idan aka ga `[UUUUU_UU]`, ɗaya ya fita, kuma ya kamata a canza shi nan take.

Zaɓin ya dogara ne da irin aikin. Rumbun bayanai mai yawan ƙananan rubutu RAID 10 ya fi dacewa da shi, ko da rabin wuri zai tafi. Manyan fayiloli da ake karantawa fiye da canzawa, a kan manyan faya-faye, RAID 6 ne nasu. RAID 5 ya fi dacewa da faya-faye kaɗan kuma ƙanana, waɗanda sake gininsu ba ya daɗewa. Babu kuma matakin da ke dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ko wanda gobara ta cinye, don haka kwafin ajiya a wani wuri dabam wajibi ne a kan kowane mataki.