Takardar Neman Aiki a Hannun Manhaja

A manyan kamfanoni, manhaja kan riga mutum karanta takardar neman aiki. Rubutu take kwashewa layi-layi, ba ruwanta da ado.

A ce ka raba shafinka gida biyu: ƙwarewa a hagu, wuraren da ka yi aiki a dama. Wata manhajar sai ta bi layin ta tsallaka, ta liƙa "Excel" da "akanta, 2019" su zama magana ɗaya. Idan ta kasa gane muƙamin da shekararsa, ba za ta ƙirga aikin ba, makin dacewarka ya sauka ba laifinka. Jadawali ma haka yake hargitsewa. Abin da ke cikin akwatin rubutu kuwa akan tsallake shi, hoton tarho kuma ba kalma ba ce.

Kwafi takardar ka zuba a Notepad. Idan ta cakuɗe, mayar da ita gida ɗaya.