Sakkwato ko Sokoto: Wanne Za Mu Rubuta A Fom?

A baki muna cewa Sakkwato, amma allon makarantarmu cewa yake Sokoto. Ina aka samo wannan bambanci?

Kowane baƙo yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ne, da haruffan da ya saba da su. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, "Sackatoo" ya rubuta. Daga baya Turawa suka tsaya a kan "Sokoto": "kwa" ɗinmu ta koma "ko", kuma "k" ɗaya ta faɗi. Larabci kuwa ba shi da harafin "o", shi ya sa jaridun Larabawa ke sa wawu a gurbinsa, su rubuta سوكوتو.

To, wanne hukuma ta ɗauka? Tsarin Mulkin 1999, a jadawalinsa na farko inda aka jera jihohi, "Sokoto" ya ce. Shi ne kuma ke kan fom ɗin WAEC, NECO da JAMB.

Saboda haka, a jarrabawar Hausa mu rubuta Sakkwato. A fom kuwa mu bi "Sokoto" harafi da harafi, domin saɓani tsakanin takardunmu na iya jawo mana jeka-ka-dawo ranar tantancewa.