Yadda Kwamfuta Ke Hasashen Hanya da Bit Biyu Kacal

Duk manhajar da ke cikin kwamfuta ko wayar hannu jerin umarni ce, kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ita ke bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai jerin ba miƙaƙƙe ba ne. Bayan 'yan umarni kaɗan akan iso mararraba, inda ake duba wani sharaɗi. Idan ya cika, furosesa ta yi tsalle zuwa wani wuri a cikin manhajar, idan kuwa bai cika ba ta miƙe da umarnin da ke gaba. A wannan rubutu za mu sa harafin T wa tsalle, M kuma wa miƙewa.

Matsalar ita ce furosesar zamani ba ta jira umarni ɗaya ya ƙare kafin ta ɗauko na gaba. Yayin da take aiwatar da wannan, ta riga ta fara karanta wancan, ta kuma ɗauko wasu a bayansa, duk suna kan layi. To idan aka zo mararraba, wane umarni za ta ɗauko alhali amsar sharaɗin ba ta fito ba tukuna? Tsayawa jira asarar lokaci ce, don haka sai ta yi hasashe ta ci gaba da aiki. Tamkar mai shayi ne da ya hango wani ɗan unguwa tafe, ya fara haɗa masa irin wanda ya saba sha tun bai zauna a benci ba. In ya dace, ya rage lokaci. In kuwa yau mutumin wani abu daban yake so, an zubar da wancan, a sake sabo. Haka furosesa ke watsar da duk aikin da ta fara a kan hanyar da ba ita ba, kuma a manyan furosesoshin yau kowane kuskure irin wannan kan ci bugun agogo wajen 15 zuwa 20.

Dabara mafi sauƙi ita ce a tuna abin da mararrabar ta yi a karon ƙarshe, a ce shi za ta maimaita. Bit ɗaya ya isa wannan, domin bit ba ya ɗaukar komai sai 0 ko 1. Amma a shekarar 1981 wani injiniya mai suna James E. Smith, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Control Data a Amurka, ya gabatar da nazari a kan dabarun hasashen mararraba, inda ya bayyana amfani da ɗan ƙaramin ƙidayau maimakon bit guda. Mai bit biyu shi ne ya fi yaɗuwa, har ya shiga furosesoshi na kasuwa. MIPS R10000 ta tsakiyar shekarun 1990, alal misali, tana da tebur mai irin waɗannan ƙidayau guda 512.

Bit biyu na ba da matsayi huɗu: 00, 01, 10 da 11, wato lamba 0 zuwa 3. A 00 mai hasashen ya haƙiƙance miƙewa za a yi. A 01 yana ganin miƙewa ce amma da shakka. A 10 ya karkata ga tsalle, shi ma da shakka, a 11 kuma ya haƙiƙance tsalle ne. Ke nan bit na hagu shi ne hasashen kansa: in 1 ne a ce T, in 0 ne a ce M. Bayan amsa ta gaskiya ta fito, sai a gyara lissafi. In tsalle aka yi, a ƙara ɗaya, in miƙewa ce a rage ɗaya. Ba a haura 11, ba a kuma sauka ƙasa da 00, komai yawan maimaici.

Akwai wani tsari da ya wajaba mai bibiya ya kiyaye, kuma nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe: ana yin hasashe ne da matsayin da ake ciki kafin amsa ta fito, sannan a sauya matsayin. Wanda ya sauya tukuna kafin ya rubuta hasashe zai sami sakamako mai kyau na ƙarya, domin ya leƙa amsa.

Bari mu ɗauki misali na zahiri. Ga ɗan guntun shiri da ke maimaita aiki sau huɗu:

```c
int i = 0;
do {
    aiki(i);
    i++;
} while (i < 4);
```

Mararrabar tana layin ƙarshe. Sau uku na farko sharaɗin ya cika, sai a yi tsalle a koma sama. A karo na huɗu `i` ya kai 4, sai a miƙe a fita. Idan wani babban shiri yana kiran wannan guntu akai-akai, abin da mararrabar ke yi shi ne T T T M, T T T M, haka ba iyaka. Mu ce mai hasashen ya fara daga 00, wanda shi ne mafi munin mafari ga wannan salo.

A karo na farko yana 00, ya ce M, sai aka yi T. Ya faɗi, ya hau 01. A karo na biyu har yanzu bit na hagu 0 ne, ya sake cewa M, aka sake yin T. Kuskure na biyu ke nan, ya hau 10. Yanzu ra'ayinsa ya juya, don haka a karo na uku ya ce T, kuma ya dace, ya hau 11. A na huɗu ya ce T da ƙarfinsa, sai ga M. Kuskure na uku, ya sauko 10. Zagayen farko ya ƙare da kuskure uku cikin huɗu, wanda shi ne kuɗin koyo. Ga zagaye biyu na farko a jere:

```
karo  matsayi  hasashe  amsa  sakamako  sabo
1     00       M        T     kuskure   01
2     01       M        T     kuskure   10
3     10       T        T     daidai    11
4     11       T        M     kuskure   10
5     10       T        T     daidai    11
6     11       T        T     daidai    11
7     11       T        T     daidai    11
8     11       T        M     kuskure   10
```

Layi na biyar shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin dalilin ƙara bit na biyu gaba ɗaya yana nan. A karo na huɗu an ba mai hasashen mamaki, amma bai sauya ra'ayi ba, ƙarfin gwiwarsa ne kawai ya ragu daga 11 zuwa 10. Da sabon zagaye ya fara da T, sai ya same shi yana jira a ɓangaren da ya dace. Mai bit ɗaya kuwa, da ya ga M ɗin nan sai ya koma cewa M, ya faɗi a farkon sabon zagaye, ya sake faɗi a ƙarshensa. Shi kuskure biyu yake yi a kowane zagaye, mai bit biyu kuma ɗaya.

Ku lura kuma zagaye na biyu ya fara a 10, ya ƙare a 10. Da zarar matsayin farkon zagaye ya yi daidai da na ƙarshensa, ba sauran buƙatar ci gaba da zana tebur, domin abin da ya faru shi zai yi ta faruwa. Daga nan lissafi ne kawai. A zagaye 100 akwai mararraba 400. Mai bit biyu zai yi kuskure 3 a zagayen farko, da guda ɗaya a kowane daga cikin sauran 99, jimla 102, wato yana dacewa kusan kashi 75 cikin ɗari. Mai bit ɗaya da ya fara da M zai yi kuskure 200. Bambancin 98 ne, kuma in kowane kuskure na cin bugu 15, an tsirar da bugu 1,470 da ƙarin bit guda tak. Idan maimaicin ya fi tsawo, a ce sau 10 ne maimakon 4, kuskuren nan ɗaya na ƙarshe yana nan, amma dacewar ta kai kusan kashi 90.

Wannan tsari yana da inda yake gazawa, kuma a ganina wanda bai bibiyi gazawar da hannunsa ba bai gama fahimtarsa ba. Mu ɗauki mararrabar da ke yin T M T M, kamar sharaɗin da ke duba ko lamba tana rabuwa biyu daidai yayin da ake ƙirga 1, 2, 3. Idan an fara daga 01, zai ce M, a yi T, ya hau 10. Sai ya ce T, a yi M, ya sauko 01. Ya dawo inda ya fara, da kuskure biyu cikin biyu. Haka zai yi ta kai-komo tsakanin matsayi biyun nan masu shakka, ba zai taɓa dacewa ko sau ɗaya ba. Amma da daga 00 ya fara, zai faɗi a T ya hau 01, ya ce M ya dace ya koma 00, ya sami rabi. Daga 10 ko 11 ma rabi ne. Salo ɗaya, na'ura ɗaya, amma mafari kaɗai ya raba tsakanin sifili da kashi 50. Shi ya sa duk wanda ya kawo sakamakon irin wannan bibiya bai faɗi matsayin farko ba, lissafinsa bai cika ba.

Salon T T M M ya fi ba da mamaki. Daga 00, T na farko kuskure ne ya hau 01, T na biyu kuskure ya hau 10, M na farko kuskure ya sauko 01, sai M na biyu ne kaɗai ya dace, ya koma 00. Ɗaya cikin huɗu ke nan, kuma ko daga ina aka fara a nan ake ƙarewa, kashi 25. Mai bit ɗaya a wannan salo rabi yake samu. Jinkirin sauya ra'ayi da ya taimaka ɗazu shi ne ya cutar yanzu.

Dalilin duk wannan guda ne. Ƙidayau ɗin yana auna ɓangaren da mararraba ta fi karkata ne a kwanan nan, ba ya riƙe jerin yadda abubuwa suka biyo juna. Ba shi da hanyar sanin cewa bayan T uku M ke zuwa, don haka kuskuren ƙarshen zagaye ba zai taɓa kauce masa ba. Maganin da Tse-Yu Yeh da Yale Patt na Jami'ar Michigan suka gabatar a 1991 shi ne a ajiye tarihin amsoshin baya-bayan nan, a kuma ware wa kowane salon tarihi nasa ƙidayau mai bit biyu. In ana riƙe amsa uku na ƙarshe, ƙidayau na tarihin T T T kullum M yake gani a salonmu na farko, sai ya sauka 00 ya zauna, sauran ukun kuma su hau 11. Bayan ɗan koyo, kuskuren ya ɓace ɗungum.

Wanda ke da kwamfuta mai Linux yana iya ganin yawan kuskuren da furosesarsa ke yi a kan kowane shiri da wannan umarni:

```
perf stat -e branches,branch-misses ./shiri
```

Zai nuna adadin mararrabar da aka wuce da adadin waɗanda hasashe ya kuskure. Kada dai a yi tsammanin ganin kashi 25 na kuskure a kan guntun shirinmu, domin furosesoshin yau suna riƙe dogon tarihi, salon T T T M kuwa nan da nan suke haddace shi. Don a ga lambar ta tashi sosai, sai a sa sharaɗin ya dogara da lambobin da aka zaɓo barkatai, inda tsalle da miƙewa ke zuwa rabi da rabi ba tare da wani salo ba. A nan kuskuren wannan mararrabar zai tsaya kusa da kashi 50, ko da wane irin mai hasashe aka sa.