Daga Lasifika Zuwa Takarda: Me Za Ka Cire, Me Za Ka Bari?

 A ce wani malami ya yi wa'azi a Kanya Babba kan tauye mudu, an naɗa a waya, aka ce kai ɗalibin Hausa ka mayar da shi rubutu za a buga. Ka saurara, ga abin da ka ji:

"To jama'a, ai wato, eh, wato shi wannan ɗin, in ka buge shi haka, ka ga ai ka tauye. Ko ba haka ba? Ka tauye mana! Ana ji a can baya? To. Yai ta yi, yai ta yi, yai ta yi, yana ganin riba yake ci. Wayyo ɗan'uwana! Ya ce akwai azaba a kan masu tauye awo, ko da cikin cokali ne."

Ga yadda zan rubuta shi:

"To jama'a, in ka buge gindin kwanon awo ya lotsa, ka ga ai ka tauye. Ko ba haka ba? Ka tauye mana! Mutum ya yi ta yi, ya yi ta yi, yana ganin riba yake ci. Wayyo ɗan'uwana! Allah Ya ce akwai azaba a kan masu tauye awo. Ko da cikin cokali ne."

Kalmomin da na zubar su ne waɗanda malam ya riƙe numfashi da su yana neman magana: "eh", "ai wato", "wato" ta biyu. "Ana ji a can baya?" kuwa da mai lasifika yake, ba ruwan mai karatu. Amma dubi "Ko ba haka ba?", da "mana", da "Wayyo ɗan'uwana!". Waɗannan da mai sauraro ake yi, kuma a cikinsu tausayin malamin yake. Da yawan masu gyara nan suke ɓata aiki. Sai ka ga an rubuta "tauye ma'auni haramun ne", magana daidai, amma malamin da jama'a suka sani ya ɓace. Ka tambayi kowace kalma: da wa take magana? In da mai sauraro ne, bar ta. Maimaici ma haka: uku a kunne daɗi, a ido nauyi, shi ya sa na bar biyu. "Yai" na mayar "ya yi" bisa ƙa'idar rubutu, amma da malam zai ce "mashi" ko "ɗiya", ba zan sauya masa su zuwa "masa" da "'ya" ba. Bakinsa ne.

Sai abin da hannu ya faɗa. Malam yana riƙe da kwano lokacin da ya ce "wannan ɗin" da "haka". Mai karatu bai ga kwanon ba, dole ka ambace shi. In ba ka halarci wurin ba, tambayi wanda ya halarta, kada ka yi cinta.

Inda haɗarin yake shi ne jimlar ƙarshe. "Ya ce" wa ya ce? Na wurin sun sani, domin malam ya karanta farkon Suratul Muɗaffifina kafin nan. A takarda kuwa, sunan da ya fi kusa shi ne ɗan kasuwar. Sannan ina maganar Allah ta tsaya? Batun cokali ba ya cikin ayar, ƙarin bayanin malam ne, kuma ya raba su da sauya murya. Rubutu ba shi da murya, don haka aya ɗaya da na ɗiga bayan "awo" ita ta raba fassara da sharhi. Ka bar waƙafi a wurin, ka jingina wa Alƙur'ani abin da babu a ciki, da sunan malamin da bai yi haka ba.

Ka kuma tuna rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya biya" na iya zama labari, ya riga ya biya, ko umarni, sai ya biya. A hukuncin bashi wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Saurari muryar, ka ƙara "riga" ko "sai" gwargwadon abin da ka ji.

In ka gama, kai wa malam ya karanta kafin a buga. In ya rasu, kamar Sheikh Abubakar Gumi a 1992 ko Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a 2007, waɗanda har yau ake sauraron karatunsu, sai ka nemi almajiransa, ka sa duk kalmar da ka ƙara a cikin baka, ka kuma rubuta mintin da kowane sakin layi ya fara a sautin, don mai shakka ya koma ya ji da kunnensa.