Ina Mazaunin *Always* a Jimlar Turanci?

Bahaushe yakan ce, "Kullum Audu yana makara," ko kuma, "Audu yana makara kullum." Duk biyun daidai ne, domin *kullum* tana zama a goshin jimla, tana kuma zama a ƙarshenta. Matsalar takan taso ne idan ɗalibi ya ɗauki wannan tsari ya shiga da shi Turanci, ya rubuta *Always Audu comes late*. Kowa zai gane nufinsa, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja jan layi, don a Turanci mazaunin irin waɗannan kalmomi tsakiyar jimla ne.

Kalmomin da ake magana a kansu su ne bayanau masu nuna yawan aukuwar abu: *always, usually, often, sometimes, rarely, never*. A aji akan koya mana ƙa'ida biyu. Suna zuwa kafin aikatau, kamar *Audu always comes late*, amma suna bin bayan *is, are, was, were*, kamar *Audu is always late*. Ɗalibai da yawa sukan haddace wannan, sai jimla ta yi tsawo su ruɗe. A ganina akwai hanyar da ta fi hadda sauƙi, wato ka mayar da jimlar tambaya.

Ɗauki *Audu is late*. Tambayarta ita ce *Is Audu late?* Kalmar *is* ce ta taso ta koma gaba, to bayanta *always* za ta zauna. Yanzu ɗauki *Audu comes late*. Ba a cewa *Comes Audu late?* Sai an aro *does*. Tunda aikatau ɗin ya ƙi motsi, bayanau zai zo kafinsa. Gwada da doguwar jimla: *Ladi has been told the truth*. Kalmomin aikatau uku ne a jere, amma *has* kaɗai ke tashi idan za a yi tambaya. Saboda haka sai a ce *Ladi has never been told the truth*. Wannan gwaji yana raba gardamar *have* ma, wadda ke da fuska biyu. A *I always have tea* ita ce ainihin aikatau, ma'anarta sha, kuma tambayarta sai da *do*. A *I have always liked tea* kuwa mataimakiya ce kawai, shi ya sa *always* ta biyo bayanta.

Akwai gurbi ɗaya da ya kamata a kiyaye, wato tsakanin aikatau da karɓau. *She eats always rice* kuskure ne. *She always eats rice* ake cewa.

Inda na fi ganin masu jin Hausa suna tuntuɓe shi ne wajen *rarely* da *never*. Mu idan za mu faɗi ma'anarsu sai mun yi korewa: "ba kasafai yake zuwa ba," "bai taɓa zuwa ba." Wannan *ba* tana maƙale a kunnenmu, sai hannu ya rubuta *He doesn't rarely come*. Alhali *rarely* tana ɗauke da korewarta a cikinta, ba ta bukatar *not*. *He rarely comes* ta wadatar.

Wannan korewa ta ɓoye ita ce kuma ke juya jimla idan aka kawo kalmar gaba don ƙarfafa magana. Ba a cewa *Rarely he comes*, sai dai *Rarely does he come*, wato jimlar ta ɗauki siffar tambaya ko da yake ba tambaya ba ce. Haka *Never have I seen such rain*. Salo ne na rubutu da jawabi, yana da nauyi, kuma wanda ya cika takardarsa da shi zai gajiyar da mai karatu. *Sometimes* da *usually* ba su da wannan sharaɗi, suna shiga goshin jimla lafiya lau: *Sometimes he comes early*. Ita *always* takan zo farko ne a umarni, kamar *Always lock the door*.

Wani lokaci ma wurin zaman ke yanke ma'ana. Idan shugaban makaranta ya rubuta game da malami cewa *He doesn't always come*, ya ce ne "ba kullum yake zuwa ba," wato yana zuwa, yana fashi. Idan kuwa nufinsa malamin ba ya leƙo makarantar sam, to *He never comes* ya kamata ya rubuta.