Taskar Misalan Ƙididdiga: Kowane Mataki da Sunansa

Ɗalibi kan kwafi misalin ƙididdiga daga allo tsaf, layi bayan layi, amma ranar jarrabawar WAEC ko NECO, da zarar an sauya masa labarin tambayar sai ya tsaya cik. Ya haddace abin da aka yi, bai san dalilin yinsa ba. Maganin wannan shi ne malamai su haɗa taskar misalan da aka warware, a rubuta a gefen kowane mataki sunan fahimtar da yake gwadawa.

Wannan dabara tana da tushe a bincike. A 1985 John Sweller da Graham Cooper sun nuna cewa sabon shiga ya fi ƙaruwa idan ya yi nazarin misalan aljabara da aka warware, fiye da a jibga masa tambayoyi shi kaɗai. A shekarun 1990 kuma Richard Catrambone ya gwada sanya wa matakan lissafi suna, ya ga cewa waɗanda suka koya da irin waɗannan misalai sun fi iya warware tambayar da ta sauya fasali.

Ga yadda misali ɗaya zai zauna a taskar. Manoma 10 sun girbe gero: biyar sun samu buhu 10 kowannensu, huɗu buhu 15, ɗaya buhu 30. Mene ne matsakaicin girbinsu?

Mataki na farko, a bambance abin da ake aunawa, wato buhuna, da yawan waɗanda suka same shi, wato manoma. Sunansa "rarrabe ƙima da yawan fitowarta". Na biyu, 5 × 10 = 50, 4 × 15 = 60, 1 × 30 = 30, a tara su zama 140. Sunansa "gano jimillar ƙima". Na uku, 5 + 4 + 1 = 10, wato "gano adadin waɗanda aka ƙirga". Na huɗu, 140 ÷ 10 = 14, wato "matsakaici rabon daidai ne". Na ƙarshe, a duba ko 14 ta faɗa tsakanin 10 da 30. Sunansa "auna amsa da hankali".

Amfanin sunayen yana fitowa ne wajen duba kuskure. Ɗalibin da ya kawo 18.3 ya tara 10 da 15 da 30 ne ya raba uku, kamar manoma uku kaɗai suka yi noman. A mataki na farko ya zame. Wanda ya kawo 46.7 ya samu 140 daidai, amma ya raba da layukan tebur uku maimakon mutum goma. Matsalarsa mataki na uku ce, kuma bai auna amsar ba, don ba yadda matsakaici zai wuce girbin wanda ya fi kowa samu. Dukansu sun faɗi, amma ciwonsu daban, maganinsu ma daban. Malami zai buɗe taska ya zaƙulo wa kowanne misalan da ke ɗauke da sunan da ya gagare shi.

Haɗa taskar yana da ƙa'ida. Kafin a rubuta misali ko ɗaya, malaman su zauna su amince da jerin sunaye, kowace fahimta suna ɗaya tak. In wani ya rubuta "jimilla", wani "tarawa", wani "haɗawa", mai nema zai ɗauka abubuwa uku ne. Sannan suna ya faɗi manufa, ba motsin hannu ba: "a ninka" bai gaya wa ɗalibi komai ba, don yana ganin alamar ninkawa da idonsa. Kada kuma a ɗaure suna da labarin. "Jimillar buhuna" ba za ta yi masa amfani ba ranar da tambaya ta koma kan makin ɗalibai ko farashin kaya a kasuwa. Matakin da ya nemi sunaye biyu kuwa, alama ce matakai biyu ne aka cusa wuri ɗaya. A raba su.

Gwajin ingancin aikin mai sauƙi ne. A ba malamai biyu misali ɗaya, kowa ya sa masa sunaye ba tare da shawartar ɗan'uwansa ba. Duk inda suka saɓa, sunan ne ke buƙatar gyara. Daga nan a ƙirga sau nawa kowane suna ya fito a taskar, don a cike gurbin wanda ya yi ƙaranci.

Sai dai taska tana da iyaka. Ɗalibin da ya fara ƙwarewa ba ya ƙaruwa da cikakken misali. Shi a riƙa goge masa matakai ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe, a bar sunayen, har a zo a ba shi tambaya zalla ya warware, ya sa sunayen da kansa.

Malaman lissafi, ba sai an jira kwamfuta ba. Littafin rubutu ɗaya da jerin sunayen da kuka amince da shi sun isa a fara da darasin matsakaici a wannan zangon karatu.